Saƙon da za a tura wa iyaye bayan yaro ya ji wa ɗan ajinsu ciwo

*Assalamu alaikum Hajiya. Ni malamar aji 4 ce a wata firamare mai zaman kanta a nan Gombe. Yau bayan an dawo daga tara yara biyu suka yi rigima a kan wurin zama, ɗaya ya ture ɗaya, goshinsa ya bugi bakin benci ya fashe, sai da aka yi ɗinki uku. Lokacin ina bakin ƙofa muna magana da wata malama. Duk 'yan aji sun ga jini. Hedimasta ya ce in rubuta saƙon da za a sa a zauren WhatsApp na iyayen ajin, kada in ambaci sunan kowa. Don Allah me zan rubuta?*

Wa alaikumus salam Malama. Sannu da wannan tashin hankali, Allah ya ba yaron lafiya.

Kafin ki ɗauki waya ki fara rubutu, ki tabbatar da abu ɗaya: saƙon zaure shi ne na uku, ba na farko ba. Na farko na iyayen yaron da ya ji ciwo ne, na biyu na iyayen wanda ya ture shi, kuma duka biyun da baki ake isar da su, ko dai a waya ko ido da ido. Idan uban yaron da aka yi wa ɗinki ya fara karanta labarin ɗansa a zaure tare da mutum arba'in, to komai kyan rubutunki kin riga kin ɓata. Haka uwar ɗaya yaron, idan maƙwabciyarta ce ta leƙo ta katanga ta ce mata "wai ɗanki ne ya fasa wa wani kai a makaranta," ba za ta zo miki da kunnen sauraro ba gobe, da shirin kare ɗanta za ta zo.

Na san an riga an kira iyayen mai ciwon tunda har an je asibiti. Amma ki sake kiransu da yamma, ke da kanki, ki tambayi jiki. Ki faɗa musu yadda abin ya faru ba ragi ba ƙari, har da cewa kina bakin ƙofa lokacin. Kada ki ɓoye wannan, domin yara talatin ko fiye sun gan ki a wurin, kuma kafin magariba kowane gida ya ji. Ki kuma tuna musu cewa bugun kai ba a ɗinki yake ƙarewa ba: a sa masa ido kwana ɗaya zuwa biyu, idan aka ga amai, ko barci mai nauyi da ke wuyar tashi, ko ciwon kai da ke ƙaruwa, ko ruɗewa, ko jijjiga, a koma asibiti ba jira. Mai yiwuwa an gaya musu a can, amma maimaitawa ba ta rage komai, kuma tana nuna musu yaron ne a ranki, ba sunan makaranta ba. A ƙarshen kiran ki ce, "Alhaji, za mu sa sanarwa a zauren iyaye yau da dare, ba sunan kowa a ciki, bari in karanta maka ka ji." Wannan karantawar tana kashe rabin rigimar da za ta biyo baya.

Iyayen wanda ya yi turin su ma a karanta musu. A nan a kula da harshe. Ba a ce wa uwa "ɗanki mugu ne" ko "dama ya saba." Abin da ya aikata yau za a faɗa mata: ya ture ɗan'uwansa, ya faɗi, an yi masa ɗinki, muna so ku zo gobe mu zauna. Yawancin iyaye a wajenmu da sun ji haka su da kansu za su nemi a nuna musu gida su je dubiya su ba da haƙuri. Abu ne mai kyau, amma kada ki ba da lambar waya ko kwatancen gidan wani sai kin tambayi masu gidan. Wani uban yana buƙatar ya kwana ya huce tukuna.

Yanzu ga saƙon kansa. Ba kowace rigimar yara ce ake kai wa zaure ba. Ƙwace biro, zagi, mari da bai bar tabo ba, waɗannan tsakanin malama da gidaje biyu suke ƙarewa, kai su zaure ma ƙara wa abin girma ne. Naki ya cancanci sanarwa saboda dalilai biyu: an ga jini a gaban aji, an kuma fita da yaro zuwa asibiti. Labari ya riga ya fita a bakin yara 'yan shekara tara da goma, kuma labarin yara yana kumbura a hanya. Ɗinki uku kafin ya isa Pantami ya zama goma, kafin ya isa Tudun Wada an ce ido ya fashe, wani ma ya ce da reza aka yi. Aikin saƙonki shi ne ya tsayar da wannan kumburin. Ba shari'a za ki yanke ba, ba kuma wanke makaranta za ki yi ba. Don haka kada ya kwana. A tura shi yau, bayan an gama da gidajen biyu, kamar tsakanin la'asar da isha.

Ga yadda zan rubuta shi da ni ce:

"Assalamu alaikum, barkanmu da yamma iyayen yaran aji 4.

Muna sanar da ku cewa yau da safe, bayan an dawo daga tara, an samu saɓani tsakanin ɗalibai biyu a cikin aji. Ɗaya ya ture ɗaya, wanda aka ture ya faɗi ya ji ciwo har jini ya fita. Nan take aka ba shi taimakon gaggawa aka kai shi asibiti. An duba shi, an sallame shi, yanzu yana gida yana hutawa.

Mun riga mun yi magana da iyayen yaran biyu kai tsaye. Duk wanda ba mu kira shi yau ba, ɗansa ba ya cikin wannan lamari.

Abin ya faru a lokacin karatu, yara suna hannunmu, kuma ba mu ɗauke shi da wasa ba. Daga gobe malamar aji za ta riga yara shiga aji bayan tara, kuma za a ba kowane yaro wurin zamansa na dindindin.

Yara da yawa sun ga abin da ya faru, wataƙila wasu sun tsorata. Idan naku ya kawo maganar, ku saurare shi ku kwantar masa da hankali. Muna roƙon kada a ambaci sunan kowane yaro a wannan zaure, kada a sa hoto, kada kuma a tura saƙon nan waje.

Mai tambaya yana iya kiran ofishin hedimasta, ko ya zo gobe daga ƙarfe 8 zuwa 10 na safe. Allah ya ba da lafiya, ya kiyaye gaba."

Hedimasta ne zai sa hannu ya tura da sunan makaranta, ba ke ba. Ke kina cikin labarin, idan daga lambarki ya fito to kanki tambayoyi da fushi za su sauka har tsakar dare.

Bari mu bi shi a hankali, don ki ga dalilin kowane wuri, ki iya gyarawa daidai da naku.

Cire suna shi ne mafi sauƙin ɓangaren aikin. Abin da ya fi wuya shi ne cire duk abin da ke nuna yaro ko ba a kira sunansa ba. A aji ɗaya, idan kika ce "sabon ɗalibin da ya shigo wannan zangon," kin faɗi suna. Idan kika ce "wanda ya fi su girma," ko "ɗan da ke zama a bencin baya," ko "yaron da muka sha gargaɗi," ko "monita," duk suna ne. Haka unguwa, haka sana'ar uba. Shi ya sa ma ban rubuta goshi ba, ban rubuta ɗinki uku ba, ban faɗi asibitin da aka je ba. Inda ciwon yake da yadda aka yi maganinsa sirrin yaron ne da iyayensa, in sun so su faɗa da bakinsu. Gwajin da nake ba malamai shi ne wannan: ki nuna saƙon ga wata malama da ke koyarwa a wani aji, wadda ta san yaranki amma ba ta ji labarin ba, ki tambaye ta ko za ta iya cankar su wa ake nufi. Idan ta canka, akwai abin da za a cire.

Akwai wani abu da nake so ki riƙe da hannu biyu saboda garin da muke. Ajinmu a Gombe akwai Bafulatani, Bahaushe, Batangale, Batere, Bawaje, Babole, akwai Musulmi akwai Kirista, duk a benci ɗaya. Rigimar wurin zama tsakanin yara biyu ba ta san da wannan ba, amma da zarar ta shiga wayar manya da sunaye a jikinta, sunan kawai ya isa wani ya karanta ƙabila da addini a ciki, ya juya ta ta zama wani abu dabam da ya fi ƙarfin makaranta. Saƙon WhatsApp kuwa zarar bunu ne, ba ki da ikon inda zai kwana. Wannan a wurina ya fi kowane dalili nauyi wajen hana suna. Akwai kuma doka: dokar kare bayanan mutane ta Najeriya ta 2023 ta ɗauki bayanan yaro a matsayin abin da a ka'ida sai da izinin iyayensa ake amfani da shi, don haka makarantar da ta watsa suna da hoton yaro mai rauni ta jawo wa kanta magana.

Za ki ce ai duk sun sani, yara sun faɗa. Gaskiya ne, mafi yawansu za su sani. Amma abin da yaro ya faɗa wa uwarsa a tsakar gida yana shuɗewa cikin mako guda. Abin da makaranta ta rubuta yana nan a waya, ana iya ɗaukar hotonsa, ana iya fito da shi bayan shekara biyu a ce ga shaida cewa ɗan wane mafaɗaci ne. Yaro ɗan shekara tara da ya yi turi cikin fushi yana buƙatar horo da gyara, ba tambarin da zai bi shi har sakandare ba. Shi ma mai ciwon ba ya son ya zama "wanda aka fasa wa kai" a bakin kowa.

Sai dai ɓoye suna bai zama ɓoye gaskiya ba, kuma a nan ne makarantu da yawa ke zamewa. Don gudun magana sai su rubuta "an samu ɗan ƙaramin tsautsayi a wajen wasa." Ki ɗauki kanki a matsayin uwar da ta riƙe ɗanta ana masa ɗinki ɗazu, ta buɗe waya ta ga an kira abin ƙarami, an kira shi wasa. Nan take za ta ɗauki hoton goshin ta saka a zauren, ta rubuta sunan wanda ya yi, duk abin da kike gudu ya faru. Kalmomin "ƙarami," "ba wani abu ba ne," "wasan yara ne," a bar su. "Tsautsayi" da "ƙaddara" ma a bar su a rubuce. Mun yi imani da ƙaddara, amma wanda abin ya sama shi ya kamata ya fara furta ta. Idan ta fito daga bakin makaranta, kunnen iyaye sai ya ji kamar ana zame wuya ne. Haka kuma ban rubuta "suka yi faɗa" ko "aka yi ture-ture" ba, tunda bisa bayaninki ɗaya ne ya yi turin. Raba laifi biyu don a zauna lafiya zalunci ne ga wanda aka ture. A ɗaya gefen kuma kada a zafafa: "ya kai masa hari," "da gangan," "mugunta." Ba ki san abin da ke zuciyar yaro ba, abin da hannunsa ya yi kawai aka gani. Idan ba ki gani da idonki ba, ki tambayi yara uku ko huɗu da ke kusa, kowa shi kaɗai, yau ɗin nan kafin labarinsu ya gauraya, ki rubuta abin da suka haɗu a kai a littafin makaranta da rana da lokaci. Abin da aka tabbatar shi kaɗai ke shiga saƙo.

Jimlar da ta fi kowace aiki a saƙon ita ce "duk wanda ba mu kira shi yau ba, ɗansa ba ya ciki." Uban da ke kasuwa ko ofis, ko wanda ya yi tafiya Bauchi ko Kano, da ya ga an ce yaro ya ji ciwo a ajin ɗansa, tambaya ɗaya ce a ransa. Idan ba ki amsa ta ba, wayarki da ta hedimasta ba za su huta ba, kuma kowa zai shiga zaure yana tambayar ɗan wa. Amma ki lura, wannan jimlar ba ta halatta sai an riga an samu gidajen biyu da gaske. Idan wayar uba ɗaya a kashe take, a tura mutum gidan kafin a saki saƙo.

Game da tsayuwarki a bakin ƙofa: ban sa a rubuta "malama ba ta cikin aji" ba, ban kuma sa a rubuta "a gaban malama aka yi" ba. Na farko ya mai da zauren kotun da za a yi miki shari'a, na biyu ƙarya ce da yara za su tona. Abin da aka rubuta shi ne yara suna hannunmu, ga kuma abin da za mu canza. Mai hankali ya gane makaranta ta karɓi nata kason. Cikakken bayanin inda kike an riga an faɗa wa iyayen da abin ya shafa da hedimasta. Kuma duk alkawarin da aka sa a saƙo ya zama wanda za a gani a ƙasa gobe. "Za mu ɗauki ƙwararan matakai" ba ya nufin komai. "Kowa zai samu wurin zamansa" abu ne da yaro zai koma gida ya ce an yi ko ba a yi ba, kuma shi ne ya taɓa tushen rigimar. In bencin yana da kaifin baki ko ƙusa a waje, a kira kafinta, a ƙara wannan ma a ciki.

Abu biyu ba su da wuri a zaure ko kaɗan: hukuncin da za a yi wa yaron, da maganar kuɗin asibiti. Duk hukuncin da aka sanar, wasu za su ce ya yi kaɗan wasu su ce ya yi yawa, kuma idan aka ce an dakatar da shi kwana uku, bencin da babu kowa gobe shi zai faɗi sunan. Kuɗin magani kuwa magana ce ta ofis tsakanin makaranta da gidaje biyu. Ra'ayina shi ne makaranta ta biya na farkon nan ba tare da ciniki ba, tunda a hannunta abin ya faru, in iyayen ɗaya yaron suka kawo nasu a matsayin ban haƙuri, wannan tsakaninsu ne.

Bayan an tura, mai kula da zauren ya rufe shi na daren, yadda masu kula kaɗai ke iya rubutu, ya kuma faɗa a fili cewa an rufe zuwa gobe don kare yaran, ga lambar da za a kira. Wasu na ganin rufewar kamar toshe bakin iyaye ne. Ni ina ganin dare ɗaya ba toshewa ba ne matuƙar an buɗe ƙofar ofis da safe. Abin da ba shi da kyau shi ne a rufe kuma a ƙi ɗaga waya. Idan wani ya riga ya sa suna ko hoto, mai kula ya goge shi nan take, sannan ya kira mutumin a waya ya yi masa bayani cikin mutunci, kada a yi masa faɗa a gaban jama'a. Wanda ya biyo ki ta gefe yana cewa "Malama, tsakanina da ke, ɗan wa ne?" amsarsa ɗaya ce, kuma duk malamai su riƙe ta iri ɗaya, har mai gadi da mai shara: "Baba, yi haƙuri, ba ma faɗin sunan ɗan kowa. Da naka ne ma haka za mu rufa masa." Ban cika ganin uban da ya ci gaba da matsawa bayan wannan ba.

Kada a manta da iyaye matan da karatu ke yi wa wuya, ko waɗanda wayar tana hannun maigida sai dare. A naɗi saƙon murya, amma karanta rubutun za a yi kalma da kalma, ba hira ba. A cikin hira ne baki ke suɓucewa a ce "shi dai yaron nan dama." Idan akwai iyayen da Turanci suka fi ji, a yi musu nasu da ma'ana ɗaya, ba ƙari a wani ba ragi a wani, don za a haɗa a gwada.

Duk wannan na rigima ce irin taku, wadda ta tashi nan take ta kuma ƙare. Idan binciken da kika yi ya nuna ba yau aka fara ba, yaro ɗaya aka daɗe ana cin zalinsa, ko an shigo da wuƙa ko reza, ko abin ya shafi taɓa jikin yaro ta hanyar da ba ta dace ba, to ya wuce saƙon malamar aji. Hedimasta ne zai ɗauka, da hukumar ilimi da jami'an walwalar jama'a, wani lokaci har 'yan sanda, kuma ba a rubuta komai a zaure sai da shawararsu.

Gobe da safe, kafin a fara darasi, ki ɗauki minti biyar da 'yan ajin. Ki gaya musu ɗan'uwansu yana samun sauƙi, turi ba hanyar karɓar wurin zama ba ce, wanda aka zauna masa a wuri ya zo ya faɗa miki. Ki hana tsokanar kowane ɗaya daga cikin biyun, kada kuma ki tsayar da wanda ya yi turin a gaban allo. Ranar da mai ciwon zai dawo ki raba musu benci, ki sa ido a kansu lokacin tara da lokacin tashi, don a bakin get ne yayye da abokai ke ɗaukar fansa. Idan ya dawo lafiya, layi biyu sun isa a zaure: ɗalibin da ya ji ciwo ya dawo karatu, an zauna da iyayen ɓangarorin biyu an daidaita, an kuma raba wuraren zama kamar yadda aka ce. Wannan ma a karanta wa gidajen biyu kafin a tura.